Wasiƙar da lauya ke aika wa iyalin wanda ke jiran shari'a

Idan aka tsare mutum bisa zargin babban laifi, tambayar da iyalinsa ke yi wa lauya ɗaya ce: yaushe zai fito? Lauyan da ya san aikinsa ba ya yanka rana, domin ba a hannunsa take ba. Abin da zai iya yi shi ne ya rubuta musu inda fayil ɗin yake yanzu, da teburin da zai hau gaba, da wanda ake jira ya sa hannu. Yawancin kuɗin da iyalai ke asara wajen 'yan "bari mu ga wani babba" rashin wannan bayani ne ke jawo shi.

Mu ɗauki misalin wani matashi ɗan kasuwa a Abuja, iyayensa suna Kano. Faɗa ya kaure a tashar mota, mutum ya rasu, aka kama shi, yanzu yana gidan gyaran hali na Kuje. Da yake a Abuja ne, dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ce ke aiki. Jihohi suna da irin tasu, kuma adadin kwanakin kan ɗan bambanta. Wasiƙar lauyansa za ta iya farawa haka:

"Baba Alhaji, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ga ɗanku, yana cikin ƙoshin lafiya, kuma da izininsa nake rubuto muku. Zuwan da aka yi da shi kotun majistare ba fara shari'a ba ne. Ana tuhumarsa da kisan kai ƙarƙashin sashe na 221 na kundin Final Kod, laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma majistare ba shi da hurumin sauraron irinsa. Umarnin tsarewa kawai ya bayar. Fayil ɗin zai tafi ofishin Antoni Janar, lauyoyin gwamnati su duba ko hujjar 'yan sanda ta isa a gurfanar da shi a Babbar Kotu."

Wannan sakin layi shi ne mafi amfani a wasiƙar duka, domin a wannan gaɓar ce mutane ke daɗewa a tsare ba tare da alƙali ya taɓa jin ko shaida ɗaya ba. A takarda, umarnin tsarewa na farko ba ya wuce kwana 14, ana iya sabunta shi na wasu kwana 14, daga nan dole hukuma ta zo ta faɗi dalilin ci gaba da riƙe mutum. Lauyoyin gwamnati ma kwana 14 aka ba su su bayar da shawara bayan fayil ya isa hannunsu. A aikace, sau da yawa fayil ɗin bai ma bar ofishin ɗan sanda mai bincike ba. Don haka iyali su tambayi lauya abu biyu: ranar da aka aika fayil, da ranar da umarnin tsarewa zai ƙare. Lauyan da bai san waɗannan ranaku ba, ba ya bin shari'ar.

Sai maganar beli, wadda lauya ya kamata ya faɗe ta ba kwana-kwana:

"Baba, kada ku sayar da gona saboda beli. A laifin da hukuncinsa kisa ne, alƙalin Babbar Kotu kaɗai ke iya bayar da shi, kuma sai da dalili na musamman: rashin lafiyar da likitan gwamnati ya tabbatar gidan gyaran hali ba zai iya kula da ita ba, ko jinkirin bincike ko gurfanarwa da ya haura shekara ɗaya. Idan an samu, ba sayen sa ake yi ba. Wanda ya tsaya masa alkawari yake ɗauka cewa zai biya kuɗin da kotu ta ambata idan yaron ya gudu. Hajiya ma za ta iya tsayawa, doka ta hana a ƙi mutum don kawai mace ce."

Akwai wani abin da ke ba iyalai mamaki. Dattawa sukan je su yi ta'aziyya, su nemi yafiya, wani lokaci har a yi maganar diyya. Wannan yana gyara zumunci, amma ba ya rufe fayil a Babbar Kotu, domin gwamnati ce mai ƙara, ba iyalin mamaci ba. Antoni Janar ne ke da ikon janye ta. Kuma idan a wajen neman sulhun aka tunkari wanda zai ba da shaida, mai gabatar da ƙara zai kafa hujja da hakan ya nemi a hana beli.

Ranar gurfanarwa za a karanta tuhumar, a fassara masa da Hausa kyauta idan ba ya jin Turanci, kamar yadda sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. A laifin kisa, ko ya ce ya amsa, kotu za ta rubuta cewa bai amsa ba, don tilas masu ƙara su tabbatar da zarginsu. Su ne za su fara kawo shaidu: wanda ya ga faɗan, likitan da ya duba gawa, ɗan sanda mai bincike. Kowanne ya gama, lauyan da ke kare yaron zai yi masa tambayoyin ƙwaƙƙwafi.

A hannun ɗan sandan ne takardar da ta fi kowace haɗari take, wato bayanin da aka rubuta a caji ofis, yaron ya dangwala yatsa. Idan ya ce dukansa aka yi kafin ya dangwala, dole lauya ya tashi ya ƙalubalance ta a daidai lokacin da aka miƙa wa kotu ita. Alƙali zai dakatar da babbar shari'ar, ya yi wata ƙarama a cikinta kan tambaya ɗaya: da son ransa ya yi bayanin ko tilasta masa aka yi? Idan aka bari takardar ta shiga, kukan da za a yi daga baya ba ya cika tasiri. A nan iyali suke da aikin yi na gaske. Ƙanin da ya kai masa abinci ya ga kumburi a fuskarsa, ko takardar asibitin da aka ɗinke masa rauni, sun fi duk wani kamun ƙafa amfani. Dokar 2015 ta kuma yi tanadin a ɗauki irin wannan bayani a bidiyo ko a gaban lauya, kuma rashin yin haka abu ne da lauya zai tayar.

Bayan masu ƙara sun rufe, lauya na iya roƙon a sallami yaron idan hujjarsu ba ta kai a ce ya kare kansa ba. In alƙali ya ƙi, sai ya shiga akwatin shaida ya kira nasa shaidun. A faɗa irin wannan, ba wankewa ko rataya kaɗai ke gaban kotu ba. Idan ta gamsu faɗa ne na ba-zata, cikin zafin rai, ba tare da shiri ba, laifin kan koma sashe na 224, inda hukunci ɗauri ne, kuma ana lissafa zaman da ya riga ya yi a tsare.

Wasiƙar ba za ta faɗi abin da yaron ya gaya wa lauyansa a asirce ba, ko da mahaifinsa ne ke biyan kuɗin aikin. Takarda tana yawo hannu-hannu, kuma amanar ta wanda ke tsare ce. Abin da za ta ƙare da shi lissafin lokaci ne:

"Daga ranar da lauyoyi suka yi jawabin ƙarshe, alƙali yana da kwana 90 ya yanke hukunci. Idan bai yi mana daɗi ba, muna da kwana 90 mu shigar da takardar ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ku sani kuma, idan aka yi wa alƙalin ƙarin girma ko ya yi ritaya kafin hukunci, shari'ar za ta koma farko a gaban wani. Kafin zama na gaba, ku turo mini ƙaninsa da takardar asibitin. Ku gaida Hajiya."