Minti ɗaya a allo, awa huɗu a hannun mai tacewa

Mafi yawan saɓanin da ke tasowa tsakanin masu wallafa gajerun bidiyo a TikTok da matasan da ke tace musu, daga wurin ciniki yake farawa. Mai bidiyo yana auna aikin da tsawon abin da zai wallafa, ya ce ai minti ɗaya ne kacal. Shi kuwa mai tacewa, wahalarsa tana cikin ɗanyen hoton da aka turo masa.

A ce wata mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta turo ɗanyen hoto na minti 20, tana son a fitar mata da daƙiƙa 60. Dole mai tacewa ya kalle shi duka, galibi sau biyu, kafin ya zaɓi abin da zai ɗauka. Sai ya yanke ƙinƙina da maimaici, ya rage hayaniyar kasuwa, ya daidaita launi domin kada jan atamfa ya koma ruwan goro. Daga nan sai rubutun da ke bin magana a ƙasan allo, wanda ya fi komai cin lokaci, musamman ga mai kula da bambancin ƙ da k. Awa huɗu ta tafi. Idan Naira 4,000 aka yi ciniki, awarsa ta tashi a 1,000, ba a cire kuɗin data da na caji ba.

Asarar gaske tana zuwa ne bayan an miƙa aiki: a canza kiɗa, a ƙara farashi, maigida ya gani ya ce a cire wani wuri. Gyara uku na minti 40 kowanne awa biyu ne, kuma ga shi awar ta faɗo ƙasa da Naira 700. Shi ya sa gogaggu suke faɗa tun farko cewa kuɗin ya ƙunshi ɗanyen hoto na minti kaza da gyara sau biyu, abin da ya haura kuma da nasa lissafin. A ganina wannan adalci ne ga kowa, domin yana sa mai bidiyo ya tattara ƙorafinsa a saƙo guda.

Batun wa'adi ma haka yake. Ya kamata ƙidaya ta fara daga lokacin da kayan aiki suka kammala isowa. Wanda ya turo hoto ta WhatsApp a matsayin bidiyo, manhajar ta matse shi ya dusashe, sai ya sake turowa a matsayin fayil, kuma wannan jinkirin nasa ne. Mai son aikinsa yau-yau, saboda yayin da yake bi zai iya wucewa kafin jibi, layi yake son tsallakewa, don haka ya biya ƙari, tunda aikin wani za a ajiye a yi nasa.