Littafin Uwar Adashi: Wa Ke Bi, Wa Ake Bi?

Rigimar adashi ba kasafai take tashi ranar zubin farko ba. Sai tafiya ta yi nisa, wasu sun kwasa, wasu suna jiran layi, sannan ake jin "ai na ba ki" da "wallahi ban karɓa ba". Dalili kuwa shi ne, duk wadda ta kwasa ta zama mai cin bashi, wadda ba ta kwasa ba kuma ita ke bin bashin. Littafin da bai nuna wannan ba bai gama aikinsa ba.

A ɗauki misalin mata 10 da ke zuba naira 5,000 duk mako, kwasa ta zama 50,000. A ƙarshen mako na 4, mata huɗu sun kwasa. Kowacce ta zuba 20,000 ta ɗauki 50,000, saboda haka ana bin ta 30,000, jimillarsu 120,000. Sauran shida kuwa kowacce ta zuba 20,000 ba ta ɗauki ko sisi ba, su ma jimillarsu 120,000. Dole lissafin biyu su zo daidai kowane mako. Idan suka saɓa, to ko dai an manta rubuta wani zubi, ko kuɗi sun maƙale a hannun wani.

Lissafin nan yana kuma nuna girman asara tun kafin ta auku. Idan ɗaya daga cikin huɗun ta daina zubi, kowacce daga cikin shidan za ta karɓi 45,000 maimakon 50,000. Shi ya sa gogaggun iyayen adashi ke ajiye baƙuwa a ƙarshen layi, ko su nemi wadda za ta tsaya mata.

Tsarin littafin ba shi da wuya. Sunaye a jere bisa layin kwasa, kowane mako da gurbinsa, kuma mai hannu biyu a rubuta ta sau biyu. Ranar kwasa a ƙirga kuɗi gaban shaida, mai ɗauka ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Tukuicin uwar adashi, in an yi yarjejeniyarsa, a rubuta shi dabam.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, zubi da yawa ya koma ta waya. Hoton rasit ba hujja ba ne, domin ana ƙirƙirar na bogi. Sai uwar adashi ta ga kuɗin a asusunta za ta cike gurbi.

Alamun matsala sanannu ne: kwasa tana jinkiri alhali kowa ya zuba, ko ana biyan ta gutsi-gutsi, ko akwai suna a layi da ba wanda ya san mai shi. Sau da yawa hakan na nufin ana toshe ramin wani adashin da kuɗin wannan. Duk mai zubi tana da haƙƙin ganin littafin, kuma ya kamata ta duba shi kafin ta miƙa zubi na gaba.