Riƙe wa Mai Shago Lissafi: Aikin Gefe da Waya Ke Iya Yi

Mai shagon kayan masarufi da ke saro kaya a Kasuwar Singa ta Kano ya san farashin kowane katan da ka. Abin da ke ba shi wahala shi ne sanin inda kuɗin mako suka shiga. Cinikin tsaba yana aljihun tebur, na tiransifa yana cikin waya, bashi kuma yana wani littafi da ya sha maiƙo. A nan ɗalibi ko ma'aikaci mai ɗan lokacin yamma zai samu abin yi: ya karɓi littafin da rasitai sau ɗaya a mako, ya shigar da su cikin Excel ko Google Sheets, ya fitar wa mai shago da lissafi, a biya shi yadda suka daidaita, ko a mako ko a wata. Duka manhajojin biyu suna aiki a waya.

Shafi ɗaya ya isa, mai ginshiƙai biyar: A kwanan wata, B suna, C bayani, D nau'i, E kuɗi. Kowace hulɗa da layinta. Ginshiƙin nau'i shi ne ƙashin bayan aikin, don haka a tsayar masa da kalmomi kaɗan da ba a canzawa: tsaba, tiransifa, bashi, biyan bashi, sari, hidima, cefane. Wannan na ƙarshe ina ganin ya fi kowanne muhimmanci, domin masu shago da yawa ba sa ɗaukar kuɗin da suka zara don gida a matsayin abin rubutawa, kuma ta nan jari ke zurarewa ba a ji ba. Don tara duk cinikin tsaba, sai a rubuta:

```
=SUMIF(D:D,"tsaba",E:E)
```

A sauya kalmar da ke tsakiya, a samu jimillar kowane nau'i.

Mu ɗauki misali. An buɗe mako da naira 20,000 a aljihun tebur. An yi cinikin tsaba na 180,000, na tiransifa 90,000, an bayar da bashin 40,000. Masu bashi sun kawo 15,000 a hannu. An yi sarin 120,000 da tsabar kuɗi, hidimar fetur da dako ta ci 12,000, maigida ya ɗauki 25,000 na cefane. Tiransifa da bashi ba su taɓa aljihun tebur ba, saboda haka ba sa cikin wannan lissafi. Idan aka haɗa abin da ya shiga aka cire abin da ya fita, 58,000 ya kamata a tarar. Aka ƙirga, sai ga 51,000.

A irin wannan lokaci ne ido ke komawa kan yaron shago, kuma a nan ne mai lissafi ya kamata ya ce, "Alhaji, a ba ni zuwa gobe." Ya fara zargin shafinsa kafin a zargi ɗan mutane. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a buga kuɗi da harafi a gaba, kamar N7,000. Manhajar tana ɗaukar wannan a matsayin rubutu, ta tsallake shi wajen tarawa ba tare da ta yi gargaɗi ba. Alamarsa ita ce lambar gaske tana jingina a dama, rubutu kuwa a hagu. Ga hanyar tabbatarwa:

```
=COUNTA(E2:E300)-COUNT(E2:E300)
```

Idan amsar ba sifili ba ce, akwai layin da aka tsallake. A misalinmu, kuɗin gyaran firiji ne na 7,000 aka buga da harafi. Da aka gyara, hidima ta koma 19,000, lissafi ya tsaya a 51,000 cif. Da amsar ta fito sifili, sai a duba ko an rubuta tiransifa a matsayin tsaba, ta hanyar gwada shafin da bayanan asusun da ke wayar mai shago, layi bayan layi.

Littafin bashi yana da nasa tarkon. Wanda aka rubuta "Mai Shayi" yau, gobe "Maishayi", ya zama mutum biyu a wajen manhaja, bashinsa ya rabu gida biyu. A tsayar da suna ɗaya ga kowa tun ranar farko.

Aikin yana da iyaka. Wannan shafi yana nuna motsin kuɗi ne kawai. Riba ba ta bayyana sai an ƙirga kayan da suka rage a kanta an kimanta su da farashin sari, abin da ake yi a ƙarshen wata. Takardun haraji da binciken asusu aikin ƙwararren akanta ne, kada ka karɓa. Kada kuma ka riƙe kuɗin shago a hannunka ko ka nemi lambar sirrin asusun mutum. Ka ɗauki hoton kowane shafin littafi kafin ka mayar, ka ba mai shago kwafin lissafinsa duk mako, kuma sunayen masu bashi su tsaya tsakaninka da shi, domin yawancinsu maƙwabtansa ne.