Idan lambobi biyu suka yi musayar gurbi a bishiyar nema

Kwamfuta ba ta bin lambobi ɗaya bayan ɗaya idan tana neman wata a cikin dubbai, sai in ba ta da wata dabara. Daga cikin dabarun da masu rubuta manhaja suka daɗe suna amfani da su, tun wajen shekarar 1960, akwai wadda ake kira bishiyar nema. Ana ajiye kowace lamba a gaɓa guda, kowace gaɓa kuma ba ta fitar da reshe fiye da biyu, na hagu da na dama. Dokarta ɗaya ce: duk lambar da ke ɓangaren hagu na wata gaɓa ta gaza lambar gaɓar, duk wadda ke ɓangaren dama kuma ta fi ta girma. A lura da kalmar "duk". Dokar ba ta tsaya kan 'ya'yan gaɓa kaɗai ba, ta haɗa har da jikoki da tattaɓa-kunne.

Mu ɗauki bishiya mai lambobi bakwai. A tushenta akwai 40. Hagun 40 akwai 20, damanta akwai 60. Ita 20 tana riƙe da 10 a hagu da 30 a dama, 60 kuma tana riƙe da 50 a hagu da 70 a dama. Mai neman 30 zai fara da 40, ya ga ta fi abin da yake nema, sai ya yi hagu. Ya tarar da 20, ta gaza, sai ya yi dama, ya iske 30. Taku uku ke nan. Da lambobin sun kai miliyan ɗaya, bishiyar kuma ba ta karkace ba, taku ashirin ko kusa da haka sun wadatar.

To, a ce wani kuskure a manhaja ya sa 30 da 50 sun yi musayar gurbi. Yanzu 50 ce a daman 20, 30 kuma tana hagun 60. Rassa suna nan yadda suke, babu lambar da ta ɓace. Amma mai neman 30 zai bi hagu zuwa 20, ya yi dama ya tarar da 50, ya duba hagunta bai ga komai ba, sai ya dawo ya ce babu 30 a bishiyar. Alhali tana nan zaune a ɗaya ɓangaren. Kwamfutar ba za ta yi ƙorafi ba, amsar ƙarya kawai za ta bayar.

Abin da ya fi ruɗar da ɗalibai shi ne, idan ka bi bishiyar nan kana gwada kowace uwa da 'ya'yanta, ba za ka ga aibi ba. Ai 50 ta fi 20, don haka zamanta a dama daidai ne. Ita ma 30 ta gaza 60, zamanta a hagu daidai ne. Tushen ma lafiya lau, 20 a hagu, 60 a dama. Laifin yana tsakanin jikoki ne da kakarsu 40, wurin da wannan gwajin bai kai ba.

Maganin shi ne a daina kallon bishiyar a tsaye, a shimfiɗa ta a layi. Akwai wani salon zagaye da ake bi: a kowace gaɓa, a gama da ɓangaren hagu tukuna, sannan a karanta gaɓar kanta, sannan a shiga ɓangaren dama. Bishiya mai lafiya idan aka zagaya ta haka, lambobinta za su fito a jere daga ƙarama zuwa babba: 10, 20, 30, 40, 50, 60, 70. Tamu da ta lalace kuwa ga abin da za ta bayar: 10, 20, 50, 40, 30, 60, 70.

Daga nan aikin ya zama irin na malamin da ya jera ɗalibai bisa tsawo, sai biyu suka sauya wuri. Yana tafe yana duba inda dogo ya riga gajere. A jerinmu an sami irin wannan gangara sau biyu: daga 50 zuwa 40, sannan daga 40 zuwa 30. A gangarar farko, mai laifi ita ce ta bayan, wato 50, domin babbar lamba ce da aka jawo ta zo da wuri. A gangara ta biyu kuwa mai laifi ita ce ta gaban, wato 30, ƙaramar lamba da aka tura ta makara. Ita 40, duk da an gan ta a wuraren biyu, ba ruwanta. Ana mayar da 50 da 30 mazauninsu bishiyar ta warke.

Sai dai ba kullum gangarar take zama biyu ba, kuma nan ne da yawa suke tuntuɓe. Idan lambobin da suka yi musayar maƙwabtan juna ne a jerin, misali 30 da 40, za a sami 10, 20, 40, 30, 50, 60, 70. Gangara ɗaya ce tak, kuma masu laifin su ne biyun da ke bakinta. Wanda ya rubuta manhajarsa tana jiran gangara ta biyu kafin ta kama lamba ta biyu zai ƙare zagayen da hannu ɗaya wayam. Saboda haka tun a gangarar farko ake riƙe duka biyun, in an ci karo da wata a gaba sai a sauya ta biyun kaɗai. Ga shi a harshen Python, inda `zagaya` ke miƙo gaɓoɓin bisa wancan salon:

```python
baya = farko = biyu = None
for g in zagaya(tushe):
    if baya and baya.lamba > g.lamba:
        if farko is None:
            farko = baya
        biyu = g
    baya = g
if farko:
    farko.lamba, biyu.lamba = biyu.lamba, farko.lamba
```

Wani zai ce me ya sa ba za a kwashe lambobin duka ba, a jera su daidai, a mayar? Hakan ma yana aiki, amma sai an tanadi wurin ajiya da ya kai girman bishiyar gaba ɗaya. Wannan hanyar kuwa gaɓoɓi uku kawai take riƙewa, ban da abin da zagayen yake bukata don tuna hanyar komawa, wanda bai wuce zurfin bishiyar ba. Shi ma ana iya kawar da shi da dabarar da Joseph Morris ya wallafa a 1979. Kafin a gangara hagu, sai a nemo gaɓar ƙarshe ta wancan ɓangaren, a ɗaura mata zaren wucin gadi da zai dawo da mai zagaye sama, a kwance shi idan an dawo. Haɗarinta shi ne gaggawa: wanda ya tsaya da zarar ya kama masu laifin yana iya barin zare a ɗaure, bishiyar ta koma zobe, mai nema ya yi ta kewayawa ba fita. A ganina, in ba wurin ajiya ne ya yi ƙaranci ƙwarai ba, zagayen da aka saba ya fi aminci.

Dabarar tana da iyaka. Ta ginu ne kan cewa lambobi biyu rak aka musanya, kuma babu lambar da ta maimaitu. Idan aka ƙirga gangara uku, ɓarnar ta wuce musaya ɗaya. Gangara ɗaya ko biyu ma ba shaida ba ce, domin jeri kamar 30, 10, 20 gangara ɗaya gare shi, amma wannan manhajar za ta musanya 30 da 10 ta bar 10, 30, 20, wanda har yanzu a karkace yake. Haka nan idan kowace lamba tana ɗauke da bayani, kamar sunan mai ita, sai an tantance ko lambar ce kaɗai ta yi ƙaura ko har da bayanin, don kada gyara ya ba wani sunan wani.

Masu shirin jarrabawar neman aikin manhaja za su tarar da wannan tambaya a LeetCode, lamba ta 99, da sunan Recover Binary Search Tree. Duk wanda ya gwada, bayan ya yi musayar ya sake zagaya bishiyar sau ɗaya, ya tabbatar babu sauran gangara kafin ya ce ya gama.