Minti Nawa Suka Kalla, ko Kashi Nawa? Ma'auni Biyu na Bidiyon YouTube

Duk wanda ya ɗora bidiyo a YouTube, in ya buɗe YouTube Studio zai tarar da ma'auni biyu. Na farko, Average view duration, yana nuna matsakaicin lokacin da ake ɗauka ana kallo: a raba jimillar lokacin kallo da yawan kallon da aka yi. Na biyu, Average percentage viewed, yana nuna kashi nawa cikin ɗari na bidiyon aka kalla.

A ce wata mai koyar da girki ta ɗora bidiyo biyu. Na haɗa zoɓo daƙiƙa 40 ne, ana kallon daƙiƙa 32, wato kashi 80. Na dambun shinkafa minti 20 ne, ana kallon minti 7, kashi 35 kacal. Mai gaggawa zai ce dambu ya faɗi. Ina! Ya riƙe kowane mai kallo fiye da ninki 13 na lokacin zoɓo.

Gajeren bidiyo kashi ne ma'auninsa, domin daƙiƙoƙinsa ba za su taɓa yawa ba. Abin tambaya, an kai ƙarshe? Har yakan haura kashi 100 idan ana maimaita kallo. Dogon bidiyo kuwa a fara duba minti, amma kada a tsaya nan. Da ta ja dambun zuwa minti 30 alhali ana tsayawa a minti 7, kashin zai sauka zuwa 23, alamar surutu ya yi yawa.

Don haka mai karatu, kwatanta gajere da gajere, dogo da dogo.