Me Fitsarin Kare Ke Faɗa Idan Ciwon Mafitsara Ya Ƙi Tafiya?

Kare mai ciwon mafitsara ba ya ɓuya. Zai riƙa tsugunnawa a kai a kai, ya yi ta nishi, fitsarin ya fito ɗis-ɗis, wani lokaci da jini. A kai shi asibitin dabbobi, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya warware. Bayan wata biyu sai ciwon ya dawo. Likitocin dabbobi suna kiran ciwon mai maimaituwa idan ya zo sau 3 cikin shekara, ko sau 2 cikin wata 6. Idan aka kai nan, sake sayen maganin da aka sha a baya ɓata lokaci ne, domin akwai abin da ke buɗe wa cutar ƙofa, kuma gwajin fitsari ne ke fara nuna shi.

A ɗauki misalin karya mai shekara 8, nauyinta kilo 20, wadda ciwon ya dawo mata karo na uku cikin wata takwas. Likita zai so fitsarin farko na safe, kafin ta sha ruwa, domin shi ne ya fi kauri. Wanda aka tara a kwano yana kwaso ƙwayoyin cuta daga fata da gashi, don haka idan ana neman sanin ainihin ƙwayar da ke ciki, sai a zuƙo shi da siririyar allura ta jikin ciki kai tsaye daga mafitsara. Masu karnuka kan tsorata da jin haka, amma abu ne na daƙiƙu, kuma yawancin karnuka ba sa ko motsi. Sannan a auna shi cikin awa ɗaya. Fitsarin da ya wuni a kwalba cikin zafin bazara, ƙwayoyin cutar cikinsa sun hayayyafa, ƙwayoyin jinin sun narke.

Lambar da ta fi cancantar a fara dubawa a takardar sakamako ita ce ta kaurin fitsari, wadda ake rubutawa USG. Ana kwatanta nauyin fitsarin ne da na ruwa zalla, wanda lambarsa 1.000 ce. Lafiyayyar ƙodar kare tana iya tsotse ruwa ta mayar wa jiki har fitsarin safe ya wuce 1.030. Idan lambar ta tsaya tsakanin 1.008 da 1.012, fitsarin ya fito ne daidai da ruwan jinin da aka tace shi daga ciki, wato ƙodar ba ta ƙara masa kauri ba, ba ta kuma tsinka shi ba. Da ƙaramar na'urar hannu mai suna rifaraktomita ake wannan awo. Tsinken takarda mai canza launi da ake tsomawa a fitsari yana da gurbin kauri, amma don mutane aka yi shi, kuma a kare ba abin dogaro ba ne. Haka ma gurbinsa na fararen ƙwayoyin jini: sau da yawa yakan ce babu alhali akwai.

Fitsarin karyar nan ya nuna 1.011. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, domin karen da ya sha ruwa da yawa zai iya ba da irin wannan lamba yana lafiya lau. Sai aka sake aunawa safiya biyu, lambar ba ta gusa ba. Aka ce wa mai ita ya auna ruwan da take sha a wuni, ya samu lita biyu da rabi. Idan aka raba da kilo 20, ya zama mililita 125 ga kowane kilo, alhali duk abin da ya haura 100 ana ɗaukarsa ƙishirwar da ta wuce ƙa'ida.

Daga nan sai guggubi, wato abin da ke kwanciya a ƙasan kwalba. Ana zuba kamar mililita 5 na fitsarin a injin juyawa na minti biyar, a tsiyaye na sama, a ɗiga na ƙasan a gilashi a duba da madubin likita. A lafiyayyen fitsari, fararen ƙwayoyin jini ba sa wuce 5 a kowane fili da ido ke gani a babban gilashin madubin, jajayen ma haka. Na karyar nan farare 3 ne, ba a kuma ga bakteriya ba. Mai karanta takarda da gaggawa zai ce ta warke.

A nan ne lambar kauri take aiki. Cokalin gishiri a kofi yana da ɗanɗano, amma a randa ba a jin sa. Fitsari mai ruwa-ruwa yana warwatsa ƙwayoyin, kuma yana sa su kumbura su fashe kafin a ƙirga su. Bakteriya masu siffar sanda sai sun kai wajen 10,000 a mililita ɗaya kafin a gan su da tabbaci, masu siffar ɗigo kuwa sai wajen 100,000. Saboda haka guggubi mai tsabta a fitsarin 1.011 ba shaidar lafiya ba ne. Dole a yi kalca, wato a shuka fitsarin a ɗakin gwaji a ga abin da zai tsiro da maganin da ke kashe shi. Na karyar ya tsirar da Ikolai, ƙwayar da ta fi kowace haddasa ciwon fitsari a karnuka.

Kalca tana amsa wata tambayar kuma. Idan ƙwaya iri ɗaya ce ke dawowa jim kaɗan bayan gama magani, to ba ta mutu ba, ta samu maɓoya a ƙoda, ko cikin tsakuwa, ko a furostat idan namiji ne da ba a fiɗiye ba. Idan kowane karo sabuwar ƙwaya ce, kariyar jikin ce ta yi rauni.

Tsinkakken fitsari da yawan shan ruwa a karya mai wannan shekaru suna sa likita ya nemi abubuwa kaɗan. Akwai ciwon sukari, amma ba a ga sukari a fitsarinta ba. Akwai gazawar ƙoda, wadda gwajin jini ke nunawa. Akwai hawan cutar daga mafitsara zuwa ƙoda, kuma gubar Ikolai da kanta tana hana ƙoda riƙe ruwa. Akwai kuma cutar Kushin, inda jiki ke fitar da sinadarin kotisol fiye da kima. Wannan ta fi dacewa da takardar karyar nan, domin kotisol yana tsinka fitsari, yana kuma danne fararen ƙwayoyin jini, sai cuta ta zauna ba mugunya. Magungunan siteroyid da ake ba karnuka don ƙaiƙayi ma suna yin haka, shi ya sa ya kamata mai kare ya faɗa wa likita duk abin da ya taɓa ba shi, ko da daga kemis ya saya.

Da takardar ta fito da kauri 1.035, da pH 8.5, da farare birjik, da ƙananan duwatsu masu sheƙi da ake kira isturubait, da tunanin ya karkata wani wajen. Wasu ƙwayoyi, irin su Istafilokokus da Furotiyos, suna mayar da fitsari mai kanwa-kanwa, wanda ke sa duwatsun nan su haɗu su zama tsakuwa, ita kuma ta zame wa ƙwayoyin gida. Sai dai ganin su a madubi bai tabbatar da tsakuwa ba, tunda lafiyayyen kare ma yana iya fitar da su, kuma suna samuwa a fitsarin da ya kwana a firji. Hoton ciki ne ke raba gardama.

Ita karyar, aka ba ta maganin da kalca ta nuna, aka ɗebi jininta don duba ƙoda da hanta, aka kuma tsara gwajin kotisol bayan ciwon ya lafa. Idan Kushin ce aka shawo kanta, ana sa ran ruwan da take sha ya ragu ƙasa da lita biyu, kaurin fitsarin safe kuma ya fara hawa.