Lissafi Ke Tona Kuskuren Na'ura

Manhajar sarrafa harshe tana iya karanta hoton takardar neman biyan kuɗi ta tsamo adadin kaya, farashi, haraji da jimilla. Sai dai kan ta ɗauki 8 a matsayin 3 ba tare da ta nuna shakka ba, shi ya sa ake bin bayanta da lissafi.

A ce takardar ta nuna katan 18, kowanne naira 5,000: kuɗin kaya 90,000 ke nan, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya zama 6,750, jimilla 96,750. Idan manhajar ta karanta katan 13, ninkawa zai ba da 65,000, ya saɓa wa 90,000 da ke rubuce, sai a tura wa akawu ya duba da idonsa.

Lambar asusun banki kuwa, wannan lissafin ba ya kama kuskurenta.